Ƙungiyoyin Aikin Hannu a Makarantun Sakandare: Da Wace Malami Zai Fara?

A shekarar 1977 Gwamnatin Tarayya ta fitar da sabon tsarin ilmi, wanda aka fara aiki da shi a 1982, aka ce lalle ne yaro ya koyi sana'a a shekaru uku na farkon sakandare. An sayo injuna daga ƙasashen waje, amma da yawansu suka tsufa cikin akwatuna, don babu lantarki, babu kuma malamin da zai juya su. Darasin da muka ɗauka daga nan shi ne, ba a fara koyar da aikin hannu da abin da ya fi ƙarfin makaranta. Saboda haka mu ke kawo wa malamai shawarar ƙungiyoyi huɗu waɗanda mutum ɗaya zai iya kafawa da fartanya da garwa da littafin rubutu. Kowace tana cin moriyar 'yar'uwarta, amma uwarsu ita ce ta lambu, don haka a kanta za mu fi tsayawa.

Ƙungiyar Lambu

Kafin malami ya rubuta sunan yaro ko ɗaya, sai ya fara auna ruwa, gama ƙarancin ruwa ya fi kome kashe lambun makaranta. Mu ɗauki misalin yara ashirin, a raba su biyu-biyu, kowaɗanne biyu da fangalinsu mai faɗin ƙafa 4 da tsawon ƙafa 20. Da rani fangali irin wannan yana shan kamar garwa biyu kullum. Fangula goma ke nan garwa ashirin, watau kusan duro biyu kowace rana har wata uku. In rijiyar makaranta ba ta iya ba da haka a watan Fabrairu, to, a rage fangulan tun yanzu. Fangali biyar da suka nuna sun fi goma da suka ƙone.

Amfanin da mu ke ba da shawara a fara da shi albasa ce. Dalili kuwa, lokacinta ya yi daidai da zangon karatu, kuma ba ta ruɓewa cikin kwana biyu kamar tumatir. Ana yafa iri a farkon Oktoba, a dasa a ƙarshen Nuwamba, a cire a Maris kafin hutun zango na biyu.

Aikin farko shi ne jarraba iri, domin irin albasa ba ya daɗewa. In ya wuce shekara ɗaya, yawancinsa ba ya tsirowa. Yara su ƙirga ƙwaya 100, su jera a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, su naɗe, su riƙa yayyafa masa ruwa. Bayan kwana goma su buɗe su ƙirga. In waɗanda suka tsiro ba su kai 70 ba, a nemi wani iri. A nan yaro zai ga amfanin lissafin kashi cikin ɗari da idonsa, abin da alli da allo suka daɗe suna faɗa masa bai ji ba. Iri mai kyau giram 25 ya ishi fangula goma.

A yafa irin a layi-layi cikin fangalin reno, a rufe da ƙasa kaɗan, a shimfiɗa ciyawa a kai, a ɗauke ta da zarar tsiro ya leƙo. In aka ga ƙananan tsirai suna faɗuwa, gindinsu ya yi laushi ya tsuke, to, ruwa ya yi yawa ko kuwa an cunkushe iri. Sai a rage ban ruwa, a tsinke na tsinkewa don iska ta ratsa. Bayan mako shida zuwa takwas dashe ya isa. A dasa da yamma, a bar inci 6 tsakanin layi da layi, inci 6 tsakanin gindi da gindi. Yara su lissafa da kansu: layi 8, kowane da gindi 40, fangali ɗaya 320, goma kuwa 3,200.

To, ga inda hatsarin ya ke. Ba a daɗe da dashe ba hutun Disamba zai zo, alhali saiwar albasa gajeruwa ce, ba ta jure ƙishirwa. Lalle ne tun ranar kafa ƙungiya a shigar da yaran da gidajensu ke kusa, a rubuta jerin masu ban ruwa na kowace ranar hutu, a kuma nemi yardar iyayensu. Shinge ma a gama shi kafin dashe, gama akuya ɗaya ta isa ta tattake aikin wata biyu.

Daga Janairu sai lura da ganye. In ya yi zane-zane fari-fari kamar an goga masa azurfa, wasu ƙananan ƙwari ne da ke ɓuya a matsen ganye suna tsotsonsa. A kira malamin gona ya duba, kada a bar yara su taɓa maganin feshi. Haka kuma kada a ƙara takin zamani bayan albasa ta fara ɗaura kai, domin wuyanta zai yi kauri, mai kaurin wuya kuwa ba ta ajiyuwa. Sa'ad da kamar rabin ganyen ya kwanta, a tsai da ruwa, a jira mako ɗaya ko biyu, a cire, a shanya a inuwa mai iska har wuyan ya bushe ƙayau.

Ƙungiyar Lissafi da Ciniki

Wannan ita ce ke mai da wasa sana'a. Yara huɗu ko biyar sun isa: ma'aji, magatakarda, mai kula da kaya, da mai binciken littafi. Littafin kuɗi guda ne, shiga a hagu, fita a dama, kowane layi da ranarsa da lambar rasiɗinsa. Dokarsu biyu ce: mai riƙe da kuɗi ba shi ne mai rubutu ba, kuma duk ranar Alhamis a ƙirga abin da ke cikin akwati a gaban jama'a, a gwada da littafi. Muna roƙon akawunan ƙananan hukumomi da na baitulmali su taimaka a nan. Awa ɗaya da akawu zai ba yara a wata ya ishe su su san yadda a ke rufe lissafi.

Ga misali da alƙaluman da muka ƙaddara don bayani kawai, kowa ya sa farashin kasuwarsu. A ce an kashe ₦5,000 a iri, ₦10,000 a taki, ₦10,000 a garewani da igiya, ₦15,000 a shinge, jimla ₦40,000. Cikin gindi 3,200 a ce ɗaya bisa goma ya mutu, saura 2,880. In goma sha biyar ne ke cika kilo, an sami kilo 192. Aka sayar da kilo 190 a kan ₦400, kuɗi ₦76,000, riba ₦36,000. Sa'an nan malami ya tambaye su: ashe garewani da shinge sun ƙare ne, ko za su yi aiki baɗi? In za su yi shekara biyu, rabin kuɗinsu ne kaɗai ke kan bana, riba ta gaskiya ta zama ₦48,500.

Akwai wata tambayar da ta fi wannan. A Maris da Afrilu albasa ta fi araha, don kowa na cirewa. Da damina ta kan yi tsada. Amma wadda aka ajiye tana rage nauyi, wata ta ruɓe, wata ta yi tsiro. A bar yara su yi shawara. In sun sayar da rabi, sun ajiye rabi a kan rumfa, suna aunawa duk wata suna rubutawa, baɗi ba su bukatar kowa ya gaya musu abin da ya fi.

Ƙungiyar Sassaƙa da Gyara

Ba makarantar da ta rasa karyayyun bencina a jibge bayan aji. Su ne katakon farko. Kayan aiki kuwa zarto biyu, guduma biyu, kurfi, ma'auni da ƙusoshi. A roƙi wani kafinta na gari ya zo sau ɗaya a mako. Su fara da gyaran benci, sa'an nan ƙyauren lambu, da rumfar ajiyar albasa, da akurkin kaji. A kafa musu al'adar auna katako sau biyu kafin a sa zarto, da ƙirga kayan aiki a farkon zama da ƙarshensa. Kada yara su wuce shida a lokaci ɗaya, domin malami ɗaya ba ya iya lura da hannu ashirin kusa da kaifi.

Ƙungiyar Kiwon Kaji

Wannan a jinkirta ta sai shekara ta biyu, a kafa ta da ribar lambu, gama rai ba ya jiran a dawo hutu. Kajin gida goma da zakara ɗaya sun isa. Kaza tana ƙyanƙyasa a kwana 21, yara su rubuta ranar kwanci su ƙirga. Babban abin tsoro annobar nan ce ta hunturu da a ke kira Niyukasil: kaza ta yi sukuku, tana koren zawo, numfashi da ƙyar, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Ba ta da magani in ta kama, sai dai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin irin wanda a ke ɗigawa a ido, ana maimaitawa kamar duk wata huɗu. A nemi malamin dabbobi ya nuna yadda a ke yi. Sabuwar kaza daga kasuwa kuwa a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Kashin kajin, in ya ruɓe sosai, ya koma lambu ya rage kuɗin taki.

Gargaɗi ga Malamai

Abu biyu ne ke rushe irin waɗannan ƙungiyoyi. Na farko, a mai da lambu wurin horo. Yaron da aka sa shi noma don ya makara ba zai ƙara kallon fartanya da daraja ba. Na biyu, amfani ya bi ta bayan gida zuwa tukunyar manya. In malami ko shugaban makaranta na son albasa, ya saya a farashin kowa, a ba shi rasiɗi. Tun farko a rubuta yadda za a raba riba, misali rabi ya zama jarin baɗi, rabi a raba bisa yawan ranakun da kowa ya yi aiki, shugaban makaranta ya sa hannu. Kuma a naɗa mataimaka daga ƙananan azuzuwa, don kada a yi wa malami canjin wurin aiki ƙungiya ta bi shi.

Wanda ke da niyya, ya auna rijiya ya jarraba iri a Satumba, ya buɗe littafin kuɗi ran da aka sayi garwar farko. Sauran ƙungiyoyin za su biyo baya, in Allah ya yarda.