Shuɗi ɗaya, ɗaki ya kwanta

Lokacin da ƙanwata ta ce shuɗi take so a ɗakin kwananta, mai fenti bai yi wata-wata ba. Ya buɗe bokiti ya shafe bango huɗu da shuɗin nan mai cizawa, ita kuma ta sayo labule da zanen gado irinsa sak. Kwana uku ta yi ta ce ɗakin yana hawa mata kai. Laifin kuwa ba na shuɗi ba ne. An dai ɗauki murya ɗaya aka yi ta maimaita ta da ƙarfi.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda baba ɗaya ke ba da shuɗi iri-iri, daga mai haske har wanda ya kusa komawa baƙi, gwargwadon yawan tsomawa. A fenti ma haka ne, sai dai hanyoyin uku ne. Ka zuba fari, launin ya yi haske. Ka ɗiga baƙi, ya yi duhu. Ka sirka shi da ruwan toka, sai kaifinsa ya mutu, ya dusashe. Wannan na ukun mutane suka fi mantawa da shi, alhali a ganina shi ke kwantar da ɗaki. Shuɗin da aka yi wa fari zalla yakan fito garau kamar ɗakin jarirai; toka ce ke sa masa natsuwa.

Ga yadda muka gyara nata. Ɗakin mita 4 ne da mita 3 da rabi, tsayin bango mita 3. In an cire ƙofa da taga, bangon ya kama murabba'in mita 41. Lita ɗaya ta fentin ruwa takan rufe kimanin murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, don haka shafi biyu zai ci lita 8 da ɗoriya. Muka haɗa lita 10 a bokiti guda, lokaci guda, domin haɗin da aka yi da ido ba ya maimaituwa. In ya ƙare a tsakiyar bango, tabon yana nan har ranar da aka sake fenti.

Kafin nan sai da muka gwada da cokali: fari takwas, shuɗi ɗaya, toka ɗaya. Wannan mafari ne kawai, don ƙarfin launi ya bambanta daga fenti zuwa fenti. Abin da ba ya canzawa shi ne, mai duhun ake zubawa cikin farin, kaɗan-kaɗan. In ka juya, za ka ƙarar da galan na fari kana neman haske. Baƙi kuwa ɗigo ake yi masa, kuma yana da halinsa: a cikin rawaya kore-kore yake komawa.

Muka shafa gwajin a kwali mai faɗi, muka bari ya bushe, tunda fenti jiƙaƙƙe ba ya nuna ainihin kamanninsa. Muka jingina shi da bango, muka duba da hantsi, da la'asar, da kuma bayan isha'i. Da daren ne muka gane ƙwan lantarki ma yana da baki a maganar. Wanda aka rubuta 6500K a kwalinsa ya sa bangon ya yi sanyi ƙalau kamar ɗakin asibiti, sai muka koma mai 3000K, ya sassauta.

Rabon ya bi abin da masu ƙawata ɗaki ke kira 60, 30, 10. Dusasshen shuɗi mai haske ya ɗauki bango, silin kuma ya fi shi haske sosai, kusan fari. Matsakaici ya tafi labule da zanen gado. Mai duhun, irin na baba, muka bar wa kafet da matasan kai biyu, domin duhu a ƙasa ido ya fi yarda da shi. Ba mu auna da ma'auni ba, kuma ba a buƙata. Da yake launin ɗaya ne, sai muka bambanta jikin kayan: bango marar sheƙi, labule mai kauri, bargon saƙi mai kaushi a ƙarshen gado.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ɗauki hoton ɗakin da waya ka mai da shi baƙi da fari. In ka ga matakai uku a fili, haske da tsaka-tsaki da duhu, aiki ya yi. A hotonmu na farko labule ya ɓace cikin bango, sai muka canza shi da wanda ya ɗan fi duhu. Kafet ɗin kuwa, da hunturu ya shigo, kowace ƙura a kansa take nunawa, har ƙanwata ta koma share shi safe da yamma.