Yadda Ake Tsara Tambayar Bincike a Fagen Jinya ta Hanyar PICO

Gabatarwa

Wata 'yar'uwata da ke karatun jinya a nan Lafiya ta taɓa kawo mini takardar ƙudurin bincikenta, wadda ɗalibai ke kira furofozal, don in duba mata. Batun da ta rubuta shi ne: "Nazari a kan kula da cibiyar jarirai a Jihar Nasarawa." Malamin da ke duba aikinta ya dawo mata da shi, ya ce wannan take ne kawai, bai ga tambaya a ciki ba. Ya umarce ta da ta je ta yi amfani da PICO. Wannan maƙala za ta yi bayanin wannan hanya, tare da bin misalin cibiyar jarirai daki-daki, domin a ga yadda ake mayar da batu mai faɗi ya zama tambayar da za a iya amsawa.

Mene ne PICO?

PICO haruffan farko ne na wasu kalmomin Ingilishi guda huɗu. Hanyar ta samo asali ne daga wata maƙala da Richardson da abokan aikinsa suka buga a shekarar 1995, inda suka nuna cewa tambayar asibiti mai kyau tana da gaɓoɓi huɗu. P na nufin majiyyatan da ake magana a kansu. I na nufin matakin da ake son gwadawa, ko magani ne ko wata dabarar jinya. C shi ne abin da za a kwatanta matakin da shi. O kuwa shi ne sakamakon da za a auna. Wasu kan ƙara T, wato tsawon lokacin da za a sa ido. Ɗalibin harshe zai ga abin ya yi kama da ginin jumla: idan gurbi ɗaya ya zama fanko, ma'ana ba ta cika ba.

Su wa, kuma wane mataki?

Da muka zauna da ita, sai na fara tambayarta: waɗanne jarirai? Ai jaririn da aka haifa a babban asibiti a hannun ungozoma mai horo ba ɗaya yake da wanda aka haifa a gida a wani ƙauyen Doma ko Awe ba. Haka kuma bakwaini yana da nasa hali dabam. Daga ƙarshe ta tsayar da P ɗinta a kan jariran da suka cika wata tara, waɗanda aka haifa a ƙananan asibitocin Ƙaramar Hukumar Lafiya.

Wannan rarrabewa tana da dalili. Gwajin da aka yi a ƙasar Nepal, wanda aka buga a 2006, da na Bangladesh da Pakistan na 2012, sun nuna amfanin shafa wa cibiya maganin kilohezidin a wuraren da aka fi haihuwa a gida. Amma gwaje-gwajen Zambiya da tsibirin Pemba na Tanzaniya, waɗanda aka buga a 2016, ba su nuna ya rage mutuwar jarirai ba. Magani ɗaya ne, jama'ar ce ta bambanta. Saboda haka duk wanda bai fayyace P ɗinsa ba, ba zai san wane binciken baya ne ya dace da nasa ba.

A gurbin I kuwa, cewa "kula da cibiya" bai wadatar ba. Dole ne a faɗi abin da za a yi ta yadda wata nas da ba ta san mai binciken ba za ta iya maimaita shi. Sai ta rubuta: shafa kilohezidin mai ƙarfin kashi 4 cikin 100, irin mai kauri da ake matsowa daga tif, sau ɗaya a rana har kwana bakwai, a fara tun ranar haihuwa.

Da me za a kwatanta?

A nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe. Idan aka shafa wa jarirai ɗari magani, aka ga casa'in da biyar sun warke lafiya, ba a san komai ba tukuna, domin wataƙila da ba a shafa ba ma haka za su warke. Kwatance shi ke nuna ko maganin ne ya yi aiki.

Tana da zaɓi biyu. Na farko shi ne goge cibiya da sifirit, wanda iyaye mata suka daɗe da sabawa da shi. Na biyu shi ne barin cibiya a bushe cikin tsabta, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kansa a jagorarta ta 2022, ta kuma keɓe kilohezidin ga wuraren da ake sa wa cibiya abubuwa masu cutarwa irin su kashin shanu. Ta zaɓi sifirit, domin shi ne abin da take gani a ɗakin haihuwa. Abin lura shi ne, ba a sa mai bincike ya umarci uwa ta shafa toka ko man goge baki don a sami abin kwatance. Kwamitin da ke duba halaccin bincike ba zai amince da haka ba.

Me za a auna?

Da farko ta rubuta "lafiyar jariri" a gurbin O. Lafiya ba ta ƙirguwa. Sai ta sauya zuwa mutuwar jarirai, nan ma lissafi ya ƙi. A ce jarirai 30 cikin kowane 1,000 ke rasuwa a watan farko, ita kuma jarirai 200 kawai za ta iya bibiya. Ke nan kimanin shida za a sa ran rasawa, uku a kowane rukuni. Da irin wannan adadi ba a iya bambance aikin magani da dace. Saboda haka ta koma ga ruɓewar cibiya, wadda ake ganewa da mugunya, ko ja da kumburin fatar da ke kewaye da ita. Ta ƙara da ranar faɗuwar cibiya a matsayin sakamako na biyu, domin kilohezidin kan ɗan jinkirta faɗuwarta, iyaye mata kuwa sun fi son ta faɗi kafin ranar suna.

Tambayar da aka samu

Ga yadda tambayar ta tsaya: "A tsakanin jariran da suka cika wata tara da aka haifa a ƙananan asibitocin Ƙaramar Hukumar Lafiya, shin shafa kilohezidin sau ɗaya a rana har kwana bakwai yana rage ruɓewar cibiya cikin kwana 28 na farko, idan aka kwatanta da gogewa da sifirit?"

Daga wannan jumla ɗaya sauran sassan furofozal ke fitowa. P ya ba ta sharuɗɗan waɗanda za su shiga bincike, I da C suka ba ta rukunai biyu, O kuma ya nuna abin da za a rubuta a takardar tattara bayanai. Hatta kalmomin neman ayyukan magabata a rumbun PubMed daga nan ta ciro su:

```
newborn AND chlorhexidine AND omphalitis
```

Kammalawa

PICO ba ta dace da kowace tambaya ba. An gina ta ne domin tambayoyin da ke kwatanta mataki da mataki. Da a ce 'yar'uwata tana son sanin dalilin da ya sa kakanni ke dagewa a kan gashin cibiya da tsumma mai zafi, to babu I babu C a ciki, hira da mutane ce za ta amsa mata. Hanyar gwada tambaya kuwa mai sauƙi ce: a miƙa wa abokin karatu jumlar, a ce ya ja layi a ƙarƙashin kowace gaɓa. Idan ya rasa ɗaya, ko ya sami sakamako biyar a wuri guda, to da sauran aiki. Ita dai da ta mayar da tata, malamin ya sa hannu, ya ce ta je ta lissafo yawan jariran da take buƙata.