Pyar, dost, shukriya: abin da ƴan fim ɗin Indiya ke nufi

Yau mun tsaya kan kalmomin Indiyanci ukku da kunnenmu ya saba da su. Masu fassara kan ce "soyayya", "aboki", "na gode", su wuce. To amma fa kowace da wurin zamanta.

Mu ɗauki fim ɗin Maine Pyar Kiya na 1989, wanda Salman Khan ya fito a ciki da Bhagyashree. Ma'anar sunan, "na yi so". Pyar ita ce kalmar yau da kullum, uwa na yi wa ɗanta pyar, saurayi ma na yi wa budurwa. Saboda haka in kun ji ta, kada ku yi saurin cewa zancen aure ne, ku dubi mai faɗi da wanda ake faɗa wa. Sunan saurayin a fim ɗin Prem, shi ma so ne, daga tsohon harshen Sanskrit, kuma an fi jin shi cikin littattafai da waƙoƙin ibadar Hindu. Mohabbat kuwa daga Larabci ta shigo, ƴar uwar muhibbar da malamanmu ke faɗi, mawaƙa na son ta don taushinta. Wadda ta fi zafi ita ce ishq: son da ke hana barci da cin tuwo, ko begen Ubangiji a bakin Sufaye. Wannan kam ba a faɗa wa uwa ko ƙanwa, abin kunya ne.

Prem da Suman ba da pyar suka fara ba, da dosti suka fara, wato abota. Dost kalmar Farisanci ce, namiji ko mace duk dost ne, kuma ba ta nufin masoyi. A fim ɗin ma akwai masu ganin saurayi da budurwa ba su iya tsayawa a abota. Akwai kuma yaar, da tsara ke kiran tsara, kamar mu ce "kai abokina". Ba a kiran dattijo da ita.

Sai shukriya. Tushenta shukr na Larabci, wanda ya ba mu shukura. Dhanyavad ma godiya ce, amma ta taro da jawabi. Abin da ya fi ba mu mamaki, a fim ɗin Prem ya kafa ƙa'ida cewa tsakanin abokai babu godiya, babu ban haƙuri. A gidaje da yawa a Indiya, gode wa ɗan uwa kan ƙaramin abu kamar mai da shi baƙo ne. Mu da ke cewa "na gode" har ga wanda ya miƙo mana ruwa, sai abin ya zo mana banbaraƙwai. Ƴan uwanmu da ke zuwa Delhi karatu ko neman magani, ku ce shukriya ga likita da direba, za a ji daɗi. In abokin ɗaki ya ɓata fuska don kun gode masa, ya riga ya ɗauke ku na gida ne.