Me Ya Sa Rawar Sifirin Take Lafawa?

A rataya nauyi a jikin sifirin, a ja shi ƙasa a saki. Zai yi ta sama da ƙasa, motsin yana raguwa. Mu ɗauki wannan lissafi: y'' + 2y' + 5y = 0. Idan muka gwada y = e^(rt), sai mu sami r² + 2r + 5 = 0, amsoshinsa kuma tagwaye ne, −1 + 2i da −1 − 2i. Kada i ta tsorata ku. Lambar 2 da ke manne da ita ce saurin kaiwa da komowa, ita ke haifar da cos 2t da sin 2t. Ita kuwa −1, birki ce, domin e^(−t) yana rage girman motsin kowane zagaye. Da +1 ce, da rawar ta yi ta ƙaruwa har sifirin ya lalace.