Launin Haja: Abin da Ido Ke Gaya wa Zuciya Kafin a Karanta Suna

Duk wanda ya taɓa sauka a tasha wayarsa ba kati ya san yadda ake neman mai sayarwa. Ba tsayawa yake yi yana karanta alluna ba. Ɗaga kai yake yi ya duba lema, in ya hango rawaya daga nesa ya san MTN ce, in ja ce Airtel, in koriya ce Glo. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ma haka take yi, kuma ba ta kuskurewa. Ido yana kama launi tun daga inda harafi bai fito ba, shi ya sa kamfanoni suke kashe maƙudan kuɗi suna fente shaguna da kiyos-kiyos da launi guda, har ya zame musu suna na biyu.

Ganewa daga nesa ita ce aikin launi na farko, kuma ita ce mai sauƙin fahimta. Aiki na biyu ya fi zurfi. Launi yana sa mutum ya yi tsammanin wani abu kafin ya taɓa kaya. A ba ka zoɓo biyu daga tukunya ɗaya, ɗaya jajir ɗaya ya ɗan yi haske, za ka ce na biyun an tsinka shi da ruwa tun ba ka kurɓa ba, kuma in ka kurɓa harshenka zai so ya gaskata idonka.

Kamfanin Coca-Cola ya ga wannan a Amurka a ƙarshen 2011. Fiye da ƙarni guda ana sanin lemonsa da ja. A watan Nuwamba na shekarar sai ya fito da farin gwangwani mai hoton farin beyar, dabbar nan ta yankin ƙanƙara, domin tara kuɗin kare muhallinta tare da ƙungiyar WWF. Niyyar ita ce gwangwanin ya zauna a kasuwa har Fabrairu. Bai kai ba. Cikin wata guda koke ya yi yawa, kamfanin ya sanar zai koma ja. Dalilin farko shi ne lemon kamfanin marar sukari, Diet Coke, a gwangwani ruwan azurfa yake, kuma a cikin firiji fari da azurfa kusan ɗaya suke. Mutane suka riƙa ɗaukar mai sukari suna zaton marar sukari ne, alhali a cikinsu akwai waɗanda likita ya hana sukari. Dalili na biyu ya fi ba ni mamaki: wasu sun dage cewa ɗanɗanon ya canza, bayan kuwa lemon da ke ciki shi ne dai na jiya. Sunan yana nan a jiki da manyan haruffa, amma ba suna jama'a suke karantawa ba.

Gwamnatin Ostareliya ta ɗauki wannan ƙarfin ta juya shi baya. Daga Disamban 2012 ta wajabta a sayar da kowace taba sigari a kwali iri ɗaya, ba tambari ba ado. Kafin nan an gwada launuka a kan masu shan taba, aka zaɓi wanda suka fi ƙi, wani ruwan ƙasa mai duhu da ya ɗan karkata zuwa kore, mai lamba Pantone 448 C. Kamfanonin taba sun kai ƙara kotu sun sha kaye.

To daga ina launi yake samun wannan ma'ana? A littattafan talla da yawa ana jera wa ɗalibi cewa ja na nufin kuzari, shuɗi amana, kore lafiya, kamar dai haka aka halicce su. Ni ban yarda da wannan jeri ba, kuma harshenmu ma ya isa hujja. Bahaushe in zai ambaci launi, sau da yawa abu yake nunawa: ruwan goro, ruwan toka, ruwan ɗorawa, ruwan ƙasa, ruwan hoda. Ita kanta rawaya sunan tsiro ne da ake rini da saiwarsa. Ma'anar launi ma haka take zuwa. Mutum yana ganinsa a jikin wani abu, a wani irin lokaci, shekara da shekaru, har abin da yake ji game da lokacin ya manne wa launin. Tun da ba abu ɗaya al'ummomi suka saba gani ba, ba za su ji abu ɗaya ba.

A ɗauki fari. A bakinmu kusan duk alheri fari ne: farin ciki, farin jini, farar aniya. Farar riga ce ta Juma'a da Idi. Likkafani ma fari ne, amma bai ɓata wa farin suna ba, domin masu zaman makoki a ƙasar Hausa ba su da wani launi da suka keɓe na sawa. A ƙasar Sin kuwa fari ne tufafin makoki na gargajiya, fararen furanni na jana'iza ne, don haka kyautar da aka naɗe da farar takarda tana iya sosa zuciyar wanda aka kai wa. A Indiya, a al'adar mabiya Hindu, matar da mijinta ya rasu ce take sa fari, amarya ja take sawa. Farar rigar amarya da ake gani a fina-finan Turawa ma ba daɗaɗɗiya ba ce sosai. Ta bazu ne bayan Sarauniya Victoria ta Ingila ta sa fari ranar aurenta a 1840.

Ja ya fi nuna yadda abin yake shafar kuɗi kai tsaye. A kasuwar hannun jari ta Legas ko ta New York, kore na nufin farashi ya hau, ja ya faɗi. A Shanghai akasin haka ne, ja ne hawa, kore ne faɗuwa, saboda a wajen Sinawa ja launin arziki ne da biki. A jan ambulan suke ba yara kuɗi a sabuwar shekara. Wanda ya ƙera manhajar ciniki bai san wannan ba, zai nuna wa ɗan kasuwar Shanghai riba da launin da shi yake karantawa asara. Kore kuma, wanda mu muke gani a tutar Najeriya da jikin masallatai da gonar damina, yana da wani tarko a can: a ce namiji ya sa koriyar hula, ana nufin matarsa tana cin amanarsa. Mai sayar da huluna a Sin dole ya san wannan.

Sai dai kada a ɗauki waɗannan kamar doka mai hawa kan kowa a ko'ina. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi sun saba ganin maƙwabtansu Asante cikin ja da baƙi ranar jana'iza. Duk da haka kamfanin waya na Vodafone ya yi shekaru a Gana da jan tambarinsa, Coca-Cola ma ana shan ta a can da janta. Ja a jikin zane ranar Asabar magana ɗaya ce, ja a jikin kwalba wata magana ce. Mu ma haka muke da baƙi. Muna cewa baƙin ciki, baƙin jini, baƙar magana, amma baƙin rawani ɗan Kura, wanda aka rina da baba aka buga har yana ƙyalli, kayan manya ne, kuma Buzaye sun daɗe suna biyan kuɗi mai tsoka a kansa. Wahalar rinin da tsadarsa su suka ba shi daraja. Abin lura kuma, wannan rinin shuɗi ne mai duhu, mu ne muke kiransa baƙi. Ko iyakar da ke tsakanin launi da launi ba a wuri ɗaya harsuna suka ja ta ba.

Wannan duka yana da amfani ga ƙaramin mai sana'a, watakila fiye da babban kamfani, domin shi ba shi da kuɗin gyara kuskure. A ce wata baiwar Allah tana daka yaji tana zubawa a robobi, tana son ta buga takardar da za ta manna. Zuciyarta za ta ce mata ja, tun da yaji ne. Kafin ta biya mai ɗab'i, ta fara zuwa shagon da za a ajiye kayan ta dubi kantar. Za ta tarar ja da rawaya sun cika wurin, saboda kayan miya da yawa sun bi sahun Maggi. Jar takarda a kan roba mai jan yaji, a tsakiyar jajayen kaya, ɓacewa za ta yi. Wataƙila baƙar takarda mai farin rubutu, ko koriya mai duhu, ta fi fito da jan yajin kansa.

Sai ta buga samfuri uku kawai, ta jera su a kantar, ta ja da baya taku goma ta ga wanne ido ya fara kamawa kuma wanne ake iya karanta sunansa. Rawayan rubutu a kan fari, alal misali, ba ya karantuwa. Daga nan ta nuna wa mata goma ko ashirin irin waɗanda za su saya, banda 'yan gidansu da za su yabe ta don kunya. Kada ta tambaye su wanne ya fi kyau, domin kowa launin atamfar da take so za ta zaɓa. Ta ce: “Hajiya, me kike tsammani yana cikin wannan? Nawa za ki saye shi?” In uku daga ciki suka ce koriyar ta yi kama da maganin gargajiya ko ganyen shayi, ta sami amsarta. In baƙar ce aka fi yi wa kuɗi da tsada, ta sami wata amsar.

Akwai abubuwa biyu da suke yawan ɓata aikin bayan an zaɓa. Launin da ake gani a fuskar waya haske ne, na takarda kuwa tawada ce da ake haɗawa daga kala huɗu, abin da masu ɗab'i suke kira CMYK, kuma kusan kullum ya fi dusashewa. Don haka ta nemi a buga mata gwaji a ainihin takardar, in ya yi mata ta rubuta lambobin haɗin ta adana, don kada bugu na gaba a wani shago ya fito da wani kore dabam masu saye su ɗauka jabu ne. Na biyu rana ce. Ranarmu tana cinye ja da rawaya da sauri fiye da shuɗi da baƙi, shi ya sa tsofaffin fastoci a bango suke komawa shuɗi-shuɗi. Ta ajiye roba ɗaya a taga mako biyu ta gani, domin takardar da ta koɗe tana sa a ɗauka yajin ciki ya kwana biyu ko da jiya aka daka shi.

In kuma kayan za su tsallaka iyaka, zuwa Yamai ko Kumasi ko Jidda, a sake wannan tambayar ga mutanen can da bakinsu kafin a buga dubu. Wanda kuma masu sayensa suka riga suka san shi da launi guda, ya riƙe shi da kyau, kada ya canza don kawai shi ya gaji da ganinsa.