Hannunka ma ma'auni ne: yadda za ka ƙiyasta abin da ke cikin farantin gidan abinci

Wanda likita ya ce ya rage ƙiba, ko ya kula da sukarin jininsa, yakan iya lissafin abincinsa muddin a gida yake, domin ya san gwangwani nawa aka dafa, ya ga man da aka zuba. Matsalar tana farawa ne ran da ya zauna a gidan abinci aka dire masa faranti. Ba wanda zai fito da sikeli a gaban jama'a. Amma hannunsa yana tare da shi, kuma idan ya san yadda ake awo da shi, zai kai kusa da gaskiya.

Abubuwa uku ake nema a faranti: furotin mai gina jiki, da kabohaidiret, wato sitaci da sukari, sai kuma maiƙo. Giram ɗaya na furotin yana ba da kalori 4, na kabohaidiret ma 4, amma na maiƙo 9. Wannan tara ɗin a riƙe ta da kyau, don a kanta lissafi ya fi karyewa.

Tafin hannu, ban da yatsu, shi ne ma'aunin nama da kifi. Dafaffen naman da ya kai faɗin tafinka da kaurinsa yana kusan giram 100, furotin ɗin cikinsa kuwa tsakanin giram 20 zuwa 30. Dunƙulen hannu na auna shinkafa da dangoginta: dunƙule ɗaya kusan kofi ɗaya ne na awon girki, mai ɗaukar mililita 240, kuma farar shinkafa dafaffiya cikin wannan kofi tana da kabohaidiret kusan giram 45 da furotin giram 4. Babban yatsa na maiƙo ne, daidai da babban cokali ɗaya, kusan giram 14 idan mai ne zalla. Sai cikin tafi idan ka lanƙwasa shi kamar za ka ɗebi gyaɗa, wanda yake kusan rabin dunƙule.

Mu ɗauki farantin da ake samu a kusan kowane gidan abinci a Kano ko Kaduna: dafa-duka, cinyar kaza soyayya, soyayyar ayaba a gefe, ɗan salak mai bama, da kwalbar lemo.

Fara da shinkafar, kafin ka sa cokali. Kawo dunƙulenka kusa da faranti ka dube ta daga gefe, domin tudu ne ke ɗauke da yawan, kuma kallo daga sama ba ya nuna shi. Wadda aka baje a babban faranti takan yi kamar ta fi yawa, wadda aka danna a kwano aka kife kuwa takan yi kamar kaɗan ce alhali a matse take. A ce ka ga dunƙule biyu. Kabohaidiret giram 90 ke nan, da furotin giram 8.

Cinyar kaza takan ruɗi mutane saboda ƙashi. Ka auna tsokar kawai a zuciyarka. Cinya madaidaiciya, idan an cire ƙashi, ba ta wuce tafi ɗaya: furotin giram 25. Tunda da fatarta aka soya ta, sa mata maiƙo giram 15. Ayabar, in ta kai yanka biyar ko shida masu cika tafi, ba ta kabohaidiret giram 30 da rabin yatsa na mai, giram 7. Kabeji da karas ɗin salak ba sai an lissafa su ba, amma bamar da ta lulluɓe su yatsa ɗaya ce, maiƙo kusan giram 10. Lemo ba ya buƙatar hannu, a jikin kwalba aka rubuta: ta sentilita 35 tana da sukari wajen giram 35.

Saura abin da ido ba ya gani, wato man da aka soya tumatir da albasa da shi kafin a zuba shinkafa. Ya riga ya shige cikin ƙwayar, ba inda za ka ɗora yatsa ka gwada. Nan sai a bi alamu. Idan shinkafar tana sheƙi, ko ka ture ta gefe ka ga jan mai ya kwanta a gindin faranti, ko leɓenka ya yi santsi bayan loma biyu, to mai ya ji. A ganina, kowane abincin sayarwa da aka soya kayansa a ƙara masa yatsa ɗaya ko da ba a ga komai ba, in kuwa mai ya kwanta a ƙasa a sa biyu. Mai sayarwa ɗanɗano yake nema, kuma mai ne hanya mafi sauƙi. A wannan farantin mu sa ɗaya, giram 14.

Yanzu a haɗa. Kabohaidiret ya kama giram 155, furotin 33, maiƙo 46. A ninka na farko da na biyu da huɗu, na uku da tara: 620, da 132, da 414. Jimla kalori kusan 1,170, fiye da rabin 2,000 ɗin da ake sa wa a matsayin ma'aunin yini a jikin kwalayen abinci. Maiƙo ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi, alhali idan ka dubi farantin shi ne bai ci wuri ba. Wanda ya ƙirga shinkafa da kaza kaɗai, ya mance da mai da bama da lemo, zai tashi yana ganin ya ci kalori wajen 630.

Wasu abinci ba su zauna a gida ɗaya ba. Dunƙulen dafaffen wake yana da kabohaidiret kusan giram 35 da furotin wajen 13, don haka shinkafa da wake sai a rubuta ta a ɓangarori biyu, sannan a ƙirga man da aka zuba a kai, wanda sa'a ɗaya a gabanka ake zubawa. Tsire kuma tafi ne ma'auninsa, amma ƙuli-ƙuli da man da ake shafa masa a wuta suna neman nasu yatsan.

Hannaye ba ɗaya ba ne, dunƙulen ƙato ya fi kofi, na 'yar ƙaramar mace bai kai ba. Gyaran wannan na yini ɗaya ne a gida. Cika kwano da ruwa fal, ɗora shi cikin roba, tsoma dunƙulenka zuwa wuyan hannu, sai ka auna ruwan da ya zube. In ya kai mililita 300, dunƙulenka kofi ɗaya da kwata ne, shinkafarsa kuma giram 55 za ka riƙa sa mata maimakon 45.

Ko da haka, ƙiyasi ne, yana iya saɓawa da kalori ɗari biyu ko fiye a faranti ɗaya. Ga mai son rage ƙiba wannan ya wadatar, domin abin da ya ci cikin mako ne ke tasiri. Mai ciwon sukari da ke daidaita allurar insulin da yawan kabohaidiret kuwa, kuskuren giram 20 na iya taɓa shi, don haka ya gwada jininsa awa biyu bayan cin abincin, ya rubuta abin da ya gani tare da ƙiyasinsa, ya kai wa likitansa su daidaita.