Shafi Huɗu Cikin Layi Biyar

Mujallar wata-wata ta iso wa ƙungiyar manoma da Turanci, an fassara ta zuwa Hausa ta cika shafi huɗu, sai shugaba ya ce wa sakatare ya taƙaita ta a layi biyar don a tura wa mambobi ta waya. Yawancinsu wannan layi biyar ɗin kaɗai za su gani, kuma da shi za su yanke shawarar shuka da ta cin bashi.

A ce mujallar ta ƙunshi jawabin shugaba, da godiya ga manyan baƙi, da hasashen damina na hukumar NiMet, sai sanarwar rancen taki a shafin ƙarshe. Jawabi da godiya su ne farkon abin zubarwa, ko da sun cinye shafi biyu. Abin da zai sa mai karatu ya yi wani abu, ko ya fasa, shi ke da gurbi.

Mai gaggawa zai rubuta: "Damina za ta makara bana. Za a raba wa manoma taki." Kowace jimla a nan tana da tushe a mujallar, amma duka biyun sun ci amanarta. Mujallar cewa ta yi akwai yiwuwar ruwa ya makara a wasu ƙananan hukumomi, kuma ta faɗi mai hasashen. Takin kuwa rance ne, buhu 2 a kowace hekta, ga wanda ya yi rajista kafin 30 ga Afrilu, a biya bayan girbi. Da aka yar da shakka, hasashe ya koma tabbas. Da aka yar da sharaɗi, bashi ya koma kyauta, kuma ranar rabo sakataren ne zai sha tambaya. A ganina nan ne taƙaitawa ta fi lalacewa, domin waɗannan ƙananan kalmomi su ne suka fi kama da ciko a idon mai neman rage tsawo.

Akwai kuma kuskuren da ake gada daga mai fassara. In ya mayar da hekta eka, lissafin taki ya rushe, tunda hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. Shi ya sa ake taƙaitawa da asalin Turancin a gefe, ana gwada kowace lamba, da rana, da ma'auni.

Ga yadda ya kamata ta fito: "NiMet ta yi hasashen ruwa zai iya makara a wasu ƙananan hukumomi, sunayensu na ofishin ƙungiya. Akwai rancen taki, buhu 2 a hekta, ga wanda ya yi rajista kafin 30 ga Afrilu. Biya bayan girbi."

Kafin ka tura, karanta wa wanda bai ga mujallar ba, ka tambaye shi me zai yi, yaushe, kuma da wane sharaɗi. In amsarsa ta saɓa wa shafi huɗun nan, sake rubutawa.